Gashin bakin kyanwa: da shi take auna kafa kafin ta shiga?

*Likita, ina da kyanwa a shagona na hatsi, ita ke tsare mini ɓera. Akwai wata 'yar kafa a ƙasan ƙofar sito da take bi dare da rana. Kwanaki yara suka sa almakashi suka datse mata gashin baki, tun daga nan sai na ga tana tsayawa a bakin kafar tana jinkiri, musamman in dare ya yi. Wani ya ce mini gashin nan ma'auninta ne, wai faɗinsa daidai yake da faɗin jikinta, in ya shige to jikin ma zai shige. Gaskiya ne? Kuma zai sake fitowa?*

Malam, bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Zai fito. Muddin datsewa aka yi ba tugewa ba, saiwarsa tana nan lafiya cikin fata, kuma galibi cikin wata 2 zuwa 3 za ka ga ya koma tsawonsa. Datsewar kanta ba ta yi mata zafi ba, don silin gashin ba shi da jijiya, da irin abin da aka yi farce da kofato aka yi shi. Amma rashin zafi ba ya nufin ba a cutar da ita ba. Abin da yaran suka yi kamar a karɓe sandar makaho ne a tsakiyar kasuwa: ba a taɓa lafiyar jikinsa ba, amma an raba shi da abin da yake sanin hanya da shi.

Maganar ma'auni kuwa, rabinta gaskiya ce, rabinta ƙari ne da ya daɗe yana yawo a bakin mutane har ya zama kamar karatu. Don ka ga inda gaskiyar ta tsaya, sai mun fara leƙa ƙarƙashin fata, domin duk aikin can ake yin sa.

In kyanwarka ta kwanta kusa da kai, duba leɓenta na sama da kyau, ko da guntayen da suka rage. Za ka ga gashin bai fito barkatai ba. Jere yake, layi 4 a kowane gefe, kimanin sili 12 a dama, 12 a hagu, na baya sun fi tsawo, na kusa da hanci sun fi gajarta. Kowane sili ya ninka gashin jikinta kauri sau 2 ko fiye, saiwarsa kuma ta nutse cikin fata kusan ninki 3 na zurfin gashin gama-gari. Akwai irinsu a saman idanu, da kumatu, da haɓa, akwai kuma wasu 'yan ƙalilan a bayan ƙafafun gaba, sama kaɗan da dagi, waɗanda mutane da yawa ba su taɓa lura da su ba.

Saiwar kowane sili tana zaune ne cikin wata 'yar jaka mai taurin bango, cike da jini, kamar a tsoma tsinke cikin ƙaramar salka. Kewaye da saiwar, cikin jakar, akwai bakunan jijiyoyin saƙo, tsakanin 100 da 200 ga sili guda. Ka kwatanta: sili ɗaya tal, jijiyoyi sama da ɗari suna gadinsa. In wani abu ya taɓa tsinin gashin, silin yakan lanƙwasa, gindinsa ya danni bangon jakar ta gefe guda, jijiyoyin da ke wannan gefen su aika saƙo. Ba kuma duka iri ɗaya ba ne. Wasu suna magana ne kawai a lokacin da gashin ya motsa, da ya tsaya sai su yi shiru. Waɗannan su ke gaya mata cewa wani abu ya taɓa ta yanzun nan, da kuma saurin da ya zo da shi. Wasu kuwa, da ake kira ƙwayoyin Merkel, ba sa yin shiru muddin gashin yana lanƙwashe. Su ke gaya mata cewa bangon nan har yanzu yana nan, kuma ta wannan ɓangaren yake. Duk saƙonnin leɓe suna haɗuwa su bi ta wata 'yar huda a ƙashin fuska ƙarƙashin ido, su shiga jijiya ta 5 daga cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ita ce mai ɗaukar duk wani ji na fuska. Irin jijiyar nan ce ke kai maka saƙon ciwon haƙori.

Akwai wani abu a siffar silin da ya kamata ka riƙe, don shi ne asalin abin da ake kira aunawa. Gindinsa kauri, tsininsa siriri. In abu ya taɓa shi can wajen tsini, lanƙwasar tana da taushi, ƙarfin da ke isa saiwa kaɗan ne. In kuwa kusa da gindi aka taɓa, sai saiwar ta ji turi mai ƙarfi. Riƙe kara a hannunka ka sa yaro ya tura shi daga can ƙarshe, sannan ya tura daga kusa da yatsunka, ko idonka a rufe za ka bambance. A jikin ɓeraye aka fi yin binciken wannan, amma ginin gashin iri ɗaya ne. Ke nan kyanwa ba taɓawa kawai take ji ba, tana jin nisan abin daga fuskarta. Da yake kuma silin 24 ne, kowanne da tsawonsa da inda ya dosa, ƙwaƙwalwa tana haɗa wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba ta fitar da siffar abin da ke gabanta.

Me ya sa dabba mai ido irin na kyanwa take bukatar wannan? Nan ne mutane suka fi yin mamaki in na gaya musu. Idon kyanwa na hange ne da kama motsi cikin ƙarancin haske. Kashi 1 cikin 6 na hasken da mutum ke bukata ya ishe ta gani. Amma abin da ya matso kusa da fuskarta ƙasa da santimita 25 zuwa 30 dishi-dishi take ganinsa, abin da ke ƙarƙashin haɓarta kuwa ba ta ganinsa sam. Shi ya sa za ka ajiye mata tsoka a gaban hanci ta yi ta shinshine-shinshine kafin ta same ta. Kuma komai kaifin idonta, in duhu ya kai duhu, irin na sito mai rufaffiyar ƙofa ba taga, ita ma ba ta gani. To wannan taƙi guda da ke kewaye da kanta, inda ido ya gaza, shi ne gonar gashin baki.

Yanzu ga kafa. Na taɓa zama na auna wannan da hannuna, a gidan wani mai sayar da gero da ya kira ni duba awakinsa. Yana da kyanwa mace, 'yar siririya, nauyinta kilo 3 da ɗan ɗori, tana shiga ɗakin ajiya ta wata kafa da aka bari a gindin bango don ruwa ya fita. Na ari tef ɗin tela na gwada. Faɗin kafar santimita 8, tsayinta 11. Faɗin kan kyanwar, daga ƙashin kunci zuwa ƙashin kunci, santimita 6 da rabi. Gashin bakinta kuwa, daga tsinin dama zuwa tsinin hagu in ta baza shi, santimita 14. Ka ga gashin ya kusa ninka faɗin kafar. Da maganar da aka gaya maka gaskiya ce ɗari bisa ɗari, da kyanwar nan ba za ta taɓa kusantar wurin ba. Amma tana bi sau da yawa a yini, ko gezau.

Na tsuguna gefe na kalli yadda take yi, da magariba, haske ya fara ja. Tun tana nesa da taku biyu ido ya riga ya gama nasa aikin, ta san inda kafar take. Da ta iso sai ta sunkuyar da kai, gashin ya tashi daga gefe ya turo gaba kamar an buɗe tsintsiya. Dogayen silin na baya su suka fara taɓa bakin kafar, dama da hagu. Na hagu ya fi lanƙwasa, sai na ga ta ɗan karkata kai zuwa dama har lanƙwasar ta daidaita. Nan take ta zura hanci, gashin ya kwanta baya yana shafar bangon ciki, na saman ido suka shafi rufin kafar, ta ƙara duƙar da kai, ta kwantar da kunnuwa. Kai ya shige. Sai ta miƙa ƙafar gaba ɗaya, kafaɗa guda ta wuce, ɗayar ta biyo, ta ja jiki kamar zare cikin allura. Duk abin bai kai daƙiƙa 2 ba.

Abin da gashin ya yi a nan guda uku ne, kuma babu aunin ciki ko ƙugu a cikinsu. Ya saita kanta a tsakiyar kafar don kada ido ko kunci ya gogi kaifin siminti. Ya gaya mata tazarar da ta rage tsakanin fuskarta da bango, ta yawan silin da suka lanƙwasa da kuma inda aka taɓa su: in tsini kawai aka shafa akwai wadatar wuri, in har gajerun na kusa da hanci sun danne to wurin ya matse ƙwarai. Sannan ya ci gaba da ba ta labari bayan kan ya shiga duhu, ko ramin yana ƙara tsukewa, ko ya buɗe, ko akwai abin da ya tare. Ke nan kai yake aunawa, ba gangar jiki ba.

Dalilin da ya sa aunin kai yake isarta a mafi yawan lokuta yana cikin ƙashinta. Ƙashin da ya haɗa kafaɗarka da ƙirjinka, wanda ya hana ka matse kafaɗu, a jikin kyanwa ɗan guntu ne da ke yawo cikin tsoka, bai manne da wani ƙashi ba. Ƙirjinta kuma matsattse ne ta gefe, mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, ga gadon baya mai lanƙwasa. Ƙoƙon kai ne kaɗai ba ya matsuwa. Saboda haka ga lafiyayyar kyanwa mara ƙiba, inda kai ya wuce jiki ma yakan bi. Daga nan ne maganar mutane ta samo asali, kuma iyakar gaskiyarta ke nan.

Wata biyu bayan haka na koma gidan, na tarar da kyanwar da tsohon ciki, saura 'yan kwanaki ta haihu, don cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne. Gashin bakinta yana nan yadda na bar shi, santimita 14, bai ƙaru da komai ba. Cikin kuwa ya bazu ya wuce 12. Mai gidan ya ce ya gan ta da idonsa ta zura kai, kafaɗu suka wuce, ciki ya cije, ta yi ta fama har ta ja da baya ta fito. Sau biyu ta gwada, daga nan ta daina, ta koma bi ta saman ƙofa. Gashin bai yi mata ƙarya ba, ya faɗi gaskiyar abin da ya taɓa. Ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a bayan haƙarƙari. Haka abin yake ga kyanwar da aka cika da abinci har ta yi teɓa: tsawon gashi gado ne, ba ya bin ƙiba.

A shekarar 2024 wani masanin halayyar dabbobi a jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest, Péter Pongrácz, ya gwada wannan da kyanwoyi kimanin 30 a gidajen masu su. Ya tare ƙofa da allo mai kafa, kyanwa a gefe guda, mai ita a ɗaya gefen yana kiranta, ana ta rage girman kafar. In tsayin kafar yana da wadata, faɗi kawai ake ragewa, kyanwoyin ba sa wani tsayawa tunani, sai su zo su cusa kai su gwada, ko da wurin ya yi ƙunci sosai. Amma in tsayin aka rage, ya zama sai sun duƙa sun ja ciki, sai a ga suna jinkiri tun kafin su iso. Wannan ya dace da abin da muke gani kullum. A wajen faɗi, kyanwa ta yarda da jikinta, gwaji take yi da fuska, gashin yana yi mata jagora a cikin gwajin. Ba tsayawa take daga nesa ta yi lissafi ba.

Wannan hali na cusa kai a gwada shi ne kuma ke jefa su cikin wahala, kuma yana ba ni tausayi duk lokacin da aka kawo mini. Gwangwanin kifi ko na madara da aka yar a bola, ko kwalba mai faɗin baki: ƙanshi na ciki, kai yana shiga salin-alin don kunnuwa da gashi duk baya suke kwanciya, amma wajen fitowa sai ƙashin muƙamuƙi da gindin kunne su cije a bakin gwangwanin. In ka tarar da haka kada ka fizga. A naɗe ta da zane ko buhu don kada ta yi yakushi, a shafa man gyaɗa ko ruwan sabulu kewaye da wuya, a riƙa juya gwangwanin a hankali ana kwantar da kunne ɗaya bayan ɗaya. In bakin yana da kaifi, ko numfashinta ya fara sarƙewa, a yi maza a kai ta wurin likitan dabbobi. Mafi sauƙi dai a riƙa taka gwangwani a lotsa bakinsa kafin a yar.

Akwai kuma maganar iska. Tsinin gashin yana da laushin da ko ɗan motsin iska yana kaɗa shi. Iskar da ke shigowa ta kafa, ko wadda ke dawowa daga jikin bango in ta matso dab da shi, duk tana ji. Wannan na taimaka mata ta san inda hanya ta buɗe cikin duhu. Amma kada a kai shi inda bai kai ba. Abu ne na kurkusa. Ɓeran da ke motsi a ɗaya kusurwar sito kunne ne ke kama shi, ba gashi ba.

Inda gashin ya fi nuna kansa a farauta shi ne daƙiƙar ƙarshe, kuma wannan ya shafi shagonka kai tsaye. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai, da kunne da ido take dako, da su take auna tsalle. Amma da ta dira kan ɓera, ya shiga wannan taƙin da ido ba ya aiki. A nan sai tsokokin leɓe su turo gashin gaba gaba ɗaya ya lulluɓe ɓeran kamar kwando. Na bayan ƙafa kuma suna gaya mata ko abin da ke ƙarƙashin dagi yana motsi, ko yana neman suɓucewa. Burinta ta kafa fiƙa a ƙeya, tsakanin ƙasusuwan wuya, cizo guda ya gama. Bajamushen nan Paul Leyhausen, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda kyanwa ke kisa, ya bayyana yadda gashin ke taimaka mata ta gane ina kai yake ina wutsiya take ko ba ta gani. Kyanwar da aka datse wa gashi tana iya kamawa, amma cizon yakan sauka a baya ko a ciki, ɓeran ya juyo ya cije ta a leɓe ko ya kuɓuce. In gafiya ce, raunin yana iya yin muni.

Wani abu da ke nuna yadda jiki ya dogara da gashin nan: a 1992 Josef Rauschecker da abokan aikinsa sun ruwaito cewa kyanwoyin da suka tashi ba sa gani tun haihuwa, gashin bakinsu yakan fi na masu gani tsawo. Ni ma na ga makauniyar kyanwa tana zagaya tsakar gida ba ta karo da turmi ko randa, kanta a ɗan sunkuye, gashin a baje gaba. Irin wannan in aka datse mata, an gama da ita sai ya sake fitowa.

To jinkirin da kake gani a bakin kafa, fassararsa ke nan. Da rana ido yana kai ta har bakin wurin, ta kuma san kafar tun da daɗewa, sai ta shige da ɗan ɗari-ɗari. Da dare kuwa tana isowa tana jiran saƙon da ta saba ji daga dama da hagu, sai ta ji shiru. Dole ta nemi madadi. Lura da kyau za ka ga tana taɓa bakin kafar da hanci, ko ta miƙa dagi ta lalubo, ko ta goga kunci a gefe kafin ta shiga. Fatar fuska tana ji, amma sai abu ya riga ya iso jiki, alhali gashin yana ba ta labari tun abu yana nesa da yatsu uku ko huɗu. Wannan 'yar tazarar ita aka ƙwace mata.

Za ka ji wasu na cewa in an yanke gashin kyanwa ba ta iya tsayawa daidai, sai ta riƙa tangaɗi. Ba haka ba ne. Daidaiton jiki a cikin kunne yake, can ciki. In ka ga tana layi, ko kanta ya karkace gefe guda, ko tana zagaye wuri ɗaya, kada ka ɗora wa almakashi. Wannan ciwon kunne ne ko guba ko wani abu a ƙwaƙwalwa, kuma na gaggawa ne.

Abin da za ka yi mata a watannin nan ba shi da yawa. Kada a taɓa guntayen, kada a tuge su da sunan wai sabo ya fito da wuri, domin tugewa tana da zafi ƙwarai, tana zubar da jini, tana iya lalata saiwar. Ba ya bukatar wani mai ko magani. Shafa bakin kafar da hannunka, in akwai tsinin ƙusa ko yagaggen kwano ka danne shi, don yanzu ba ta da abin da zai gargaɗe ta kafin ya kai ga ido. Kada ka sauya wa buhuna da kwanonta wuri barkatai, tana tafiya ne da taswirar da ta haddace. In da hali ka bar ɗan ƙaramin haske kusa da ƙofar, kaɗan ya ishe ta. Sannan ina roƙonka, in ka ga ɓera ya ɗan yi yawa a kwanakin nan, kada ka zuba maganin ɓera. Ɓeran da ya ci guba shi ne mai saurin kamuwa, kyanwar da farautarta ta yi rauni kuwa shi za ta fara samu. Tarko ya fi, a inda ƙafarta ba ta kaiwa.

Duba ko yaran sun haɗa da na saman ido. Waɗannan aikinsu kare ido ne: da an taɓa su sai ido ya ƙifta kafin tunani ya zo. A shagon hatsi, inda ƙaiƙayi da tsinken buhu da kara suke ko'ina, rashinsu yana da haɗari. In ka ga ido ɗaya yana hawaye, ko tana runtse shi, ko ya yi fari-fari, a kai ta a duba, kada a ɗiga mata maganin idon mutane.

Yana da kyau kuma ka san bambancin abin da ke lafiya da wanda ba lafiya ba, don gaba. Tsintar sili ɗaya ko biyu a inda take kwana ba komai ba ne, kowane sili yana da wa'adinsa, ya faɗi wani ya maye. Uwa ma takan gaigaye na 'ya'yanta wajen lasa, ya kuma fito. In ka ga tsinin ya nannaɗe ya yi ɗan dunƙule, wuta ce ta taɓa shi, ta kusanci murhu ko fitila, abin da ya fi yawa da sanyin hunturu. Amma in gashin yana kakkaryewa da yawa, fatar wurin ta yi ɓawo ko ta yi faci-faci ba gashi, a yi zargin makero ko ƙazuwa, kuma makero yana kama yara, sai a yi hattara. In kuwa gashin gefe ɗaya ya zube ƙasa ba ya motsi, leɓen ya saki, idon wannan gefen ba ya rufuwa, to jijiya ta 7 ce mai motsa fuska ta samu matsala, sau da yawa daga ciwon cikin kunne. Ka ga jijiyar da ke ji daban, mai motsawa daban.

Ko yanayin tsayuwarsa magana ce ga wanda ya iya karantawa. Kyanwa mai natsuwa gashinta a sake yake, ya ɗan rusuna gefe. Mai tsoro takan manne shi baya a kumatu. Likitocin dabbobi a jami'ar Montreal sun fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskar kyanwa a 2019, kuma gashin baki yana cikin abubuwa 5 da ake dubawa, tare da kunne, ido, leɓe da yadda ta riƙe kai. Mai jin ciwo gashinta yakan miƙe ya sandare ya nufi gaba, ido a runtse, kai a ƙasa. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, shi ya sa muke duban irin waɗannan alamu.

Yaran kuwa, na fi son ka nuna musu a kan ka doke su. Mafi yawansu gani suke gashi ne kamar na kansu da wanzami ke askewa. Bari sai sabon ya fito, ranar da ta kwanta tana gyangyaɗi a kan buhu, ka tara su su tsuguna shiru. Ɗauki tsinken tsintsiya guda ka taɓa tsinin gashin saman idonta kaɗai, ba tare da ka kai ga fata ba. Za su ga idon ya ƙifta nan take. Sannan ka taɓa tsinin dogon sili ɗaya na leɓe, su ga leɓen ya motsa, kunne ya juyo wajenka, alhali idonta a rufe yake. Sau ɗaya ko biyu ya isa, kada a mai da shi wasa, don taɓawar tana damunta. In sun gani, ka ba babbansu tef ya auna kafar ƙofar da faɗin kanta, ya rubuta a bango, ya riƙa duba tsawon gashin duk Juma'a yana gaya maka ranar da ta daina tsayawa a bakin kafar.